Darasi na Tara: Kwatanta Kwafi Biyu na Yarjejeniya

Mu ɗauka wani tela a unguwar Ali Kazaure da ke Jos zai sabunta hayar shagonsa. Shi da mai shagon sun amince a gyara wuri biyu kacal a yarjejeniyarsu: kuɗin haya ya tashi daga naira 150,000 zuwa naira 180,000 a shekara, kuma a sauya ranar fara haya. Mai buga takardu ya gyara, ya turo sabon kwafi mai shafi huɗu. Ta yaya telan zai tabbatar ba a taɓa wani wuri ba?

Karatu da ido kaɗai ba ya wadatarwa, domin mai karatu yakan ga abin da yake tsammani ne. A nan manhajar Microsoft Word take da amfani. Sai a buɗe ta, a shiga Review, a danna Compare. Akwati zai fito da gurbi biyu. A sa tsohon kwafi a Original document, a sa sabo a Revised document, sannan a danna OK. A kula sosai a nan: idan aka juya su, abin da aka ƙara zai fito tamkar an goge shi.

Manhajar za ta fitar da kwafi na uku. A cikinsa, kalmar da aka goge tana da layi a tsakiyarta, wadda aka ƙara kuwa an ja mata layi a ƙasa. A gefe akwai jimillar sauye-sauyen, amma kada a dogara da ita, domin musanya kalma guda ana iya ƙirga ta sau biyu: gogewa da ƙari. Gara a bi wuraren ɗaya bayan ɗaya.

Da telan ya bi, sai ya tarar da wuri huɗu. Biyu su ne waɗanda aka amince da su. Na uku waƙafi ne da aka ƙara, bai sauya ma'ana ba. Na huɗu kuwa babba ne: wa'adin tashi daga shago, wanda a da “wata uku” ne, ya koma “wata ɗaya”. Ko kuskure ne ko ganganci, manhaja ba ta sani ba. Nunawa kawai take yi. Wajibi ne telan ya nemi a mayar da kalmar, sannan ya sake kwatantawa kafin ya sa hannu.

Wannan hanya tana da iyaka. Idan hoton takarda aka turo ta waya, manhajar ba za ta karanta kalmomin ciki ba. Haka kuma, fayil ɗin da aka kwatanta shi ne za a buga, ba wani mai kama da shi ba.

Aiki

1. Me zai faru idan aka sa sabon kwafi a gurbin tsoho?
2. Rubuta ma'anar waɗannan kalmomi: yarjejeniya, wa'adi, ganganci.