Doguwar Makala Ta Rikice Mini

Malam, makalata kan noman tumatir ta yi tsawo, kan ta ya rabu. Yaya zan tsara ta?

Ɗan'uwa, ajiye rubutun tukuna. Jera tambayoyin da manomi zai yi maka, yadda aikin ke zuwa masa a gona: wane iri zan saya, yaushe zan zuba shi a bedi, bayan mako nawa zan dasa? Kowace tambaya ta zama kan magana guda, amsarta kaɗai a ƙarƙashinsa. Idan kana bayanin dashe sai maganin tsutsa ya kutso, ɗauke shi, gurbinsa na gaba. Kan maganar da ka kasa mayarwa tambaya, irin su "Wasu Bayanai", goge shi kawai.