Katin Girki Don Tukunyar Buɗe-baki

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin rabon abincin buɗe-baki a zango ya san wannan matsala. Ranar Litinin wake da shinkafa ya ishi mutum 50, ranar Talata kuma tukunya ta ƙare ana kan mutum na 40, ga gishiri ya yi yawa. Ba laifin iyayenmu mata masu girki ba ne. Kowacce da idonta take awo, ido kuwa ba ɗaya ba ne. Abin da zai daidaita su shi ne kati guda da kowa zai bi.

Kada a zauna a ofis a rubuta shi. A sami wadda kowa ya yarda da hannunta ta yi girkin yadda ta saba, wani ya tsaya kusa da sikeli yana auna duk abin da za ta zuba kafin ya shiga tukunya. Dalili shi ne olonka ba ta da tabbas: wata ta lotse, wata mai awo tana shafe bakinta, wata tana cikawa har ta yi tozo. Don haka a rubuta nauyi. Misali, na mutum 50: shinkafa kilo 4, busasshen wake kilo 2, gishiri giram 100. Ruwa a auna shi da lita, karan dafi da kanwa su ma a ɗora su a sikeli. "Gishiri daidai" ba awo ba ne.

Sai matakai, kowanne da alamarsa. Maimakon "a dafa wake", a rubuta cewa ba a zuba shinkafa sai ƙwayar wake ta fara murjewa tsakanin yatsu biyu. Alama ta fi minti amfani, domin tsohon wake ya fi sabo daɗewa a wuta, kuma wutar gawayi ba ta gas ba ce.

Inda aka fi yin sakaci shi ne rabo. Kilo 6 ɗin nan idan ya dahu zai kai wajen kilo 16. A giram 300 ga kowane mutum, kilo 15 ya sallami mutum 50, da ɗan saura. To amma idan mai rabo ta ƙara giram 75 kawai a kowane mazubi, kilo 15 ɗin zai tsaya a mutum 40, goma su koma gida hannu rabbana. Saboda haka a ware ludayi ɗaya na rabo, a gwada sau nawa yake cika giram 300, a rubuta a katin.

Kafin a amince da katin, a ba wata da ba ta ga girkin farko ba ta bi shi ita kaɗai. Duk inda ta tsaya tambaya, nan ne rubutun ya gaza, sai a gyara. Idan za a ninka girkin zuwa na mutum 100, shinkafa da wake da gishiri za su ninku, amma ruwa da lokaci sai an sake gwadawa a babbar tukunyar. Haka ma idan aka kawo sadakar wani buhun shinkafa daban, tunda shan ruwansu ba ɗaya ba ne. A sa kwanan wata a kan sabon katin, a sa shi cikin leda a rataye kusa da murhu, a yaga tsohon.