Kafin Ka Biya Kuɗin Gwanjo a Yaba, Juya Rigar Ciki Waje

Duk wanda ke zaune a Sabo Yaba ya san yadda bakin titi ke cika da kayan gwanjo da yamma, daga wajen tashar mota har zuwa gefen kasuwar Tejuosho. Mutanen Agege kuma Katangowa suka fi zuwa, can wajen Abule Egba. Ko'ina ka je, dila ce ake kwancewa, mai kaya yana kira, masu saye suna wawa. A irin wannan hayaniyar mutum kan ɗauki riga don launinta ya burge shi, sai ya isa gida ya ga abin da ya saya.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, aibin tufa iri biyu ne. Akwai wanda tela zai gyara da kuɗi kaɗan, akwai kuma wanda ke jikin yadin kansa, wanda ba allurar da za ta yi maganinsa. Na farko dalili ne na neman ragi. Na biyu dalili ne na ajiye kaya ka yi gaba, komai arharsa.

Mu ɗauki wandon jins, tunda shi samari suka fi nema. Da ka ɗauka, juya shi ciki waje, domin waje an goge shi don ya ja ido, ciki ne ke faɗin shekarunsa. Fara da hantsa, inda ɗinki huɗu suka haɗu. Kama yadin da hannu biyu, ɗaya a kowane gefen ɗinkin, ka ja a hankali. Idan zare ne ya tsinke amma yadin na nan da ƙarfinsa, wannan aikin minti kaɗan ne a kan keke. Idan kuwa ka ga zaren ɗinkin bai motsa ba, amma yadin da ke gefensa yana buɗewa, zaruruwansa suna rabuwa, to yadin ne ya mutu. Tela zai ɗinke, ka sa sau biyu, ya sake yagewa kusa da sabon ɗinkin.

Daga nan ka ɗaga wandon sama, ka sa haske a bayansa, ka duba tsakanin cinyoyi, gwiwa da mazauni. Wurin da ya sha gogayya zai fi sauran barin haske ya wuce, kuma idan ka murza shi da yatsa za ka ji ya yi laushi fiye da kima. Wannan ne ya sa ban cika son sayen dare ba. Ƙwan fitilar da ake ratayawa a bakin titi yana ɓoye tabo, yana ɓoye koɗewa. In dole ce ta sa ka saye da dare, kunna tocilan wayarka ka cusa ta cikin ƙafar wandon, ka duba daga waje. Haka ake gano ƙananan hujojin da ƙwari ke yi wa rigar sanyi ta ulu, wadda mutanenmu ke saye su aika gida kafin hunturu. Huji ɗaya da ka gani, nemi 'yan'uwansa.

Yawancin jins na yanzu akwai zaren roba a cikinsu don su riƙa miƙewa. Wannan robar tana mutuwa da zafi da yawan wanki. Ja yadin a wajen cinya ka saki. Idan ya koma yadda yake nan take, da sauransa. Idan ya tsaya a sake, ko ka ga wurin ya yi kumburi-kumburi, ko wasu siraran fararen zaruruwa sun leƙo, ajiye shi. Robar ƙugu ta wandon yara ma haka ake gwada ta, sai dai ita ana iya cire ta a sa sabuwa.

Zif kuma kada ka tsaya ga ja sau ɗaya. Ja shi sama da ƙasa sau uku, sannan ka rufe shi, ka kwantar da mariƙinsa, ka ja gefe biyun wandon kamar yadda ciki zai tura shi in an ƙoshi. Zif mai lafiya ba zai sauko ba. Idan yana rufewa amma haƙoran na buɗewa a bayan kan, kan ne ya saki, ana matse shi da filaya ko a canza shi kaɗai. Idan tauri kawai yake yi, shafa masa kyandir ya wadatar. Amma in haƙori ɗaya ya fita a tsakiya, ko ƙyallen da haƙoran ke jikinsa ya yage, sai an canza zif ɗin gaba ɗaya. A wando wannan ba wani abu ba ne. A rigar sanyi mai dogon zif da shafi a ciki, aikin ya fi yawa, kuɗin ma ya fi, don haka ka tambayi tela farashi kafin ka yi ciniki, ka cire shi daga abin da za ka taya. Haruffan YKK a kan mariƙin zif alama ce mai kyau, ko da yake ba ta hana ka gwadawa.

Sai wari, wanda shi ya fi yaudarar mutane. Duk kayan dila suna da wannan ƙamshin nasu da kowa ya sani, kuma yakan fita bayan wanki da shanya. Matsalar ita ce abin da yake rufewa, da kuma turaren da wasu ke fesawa a kai. Kada ka shinshina gaban riga. Kai hancinka hammata ta ciki, da bayan wuya, da cikin aljihu. Ka murza wurin tsakanin tafukanka har ya yi ɗumi, ko ka hura masa numfashi, sannan ka shinshina, domin ɗumi da laima ne ke tayar da warin da ya kwanta. Warin gumi a rigar auduga yakan fita da jiƙo da rana. A yadin roba, irin na rigunan ƙwallo, yana maƙalewa, ka wanke ya ɓace, ka yi gumi a cikin danfo ya dawo.

Warin da na fi tsoro a Ikko shi ne na fumfuna. Damina a nan doguwa ce, iska cike da laima, kuma kaya sukan kwana a ƙasa ƙarƙashin leda. Idan ka ji wari irin na ɗakin da ya daɗe a rufe, nemi ƙananan ɗigo baƙaƙe ko masu toka-toka, musamman a shafin ciki da ƙasan aljihu. Waɗannan ɗigon da wuya su fita, kuma fumfuna tana raunana auduga. Mai ciwon asma ko jariri bai kamata a sa masa irin wannan ba. Sannan ka buɗe naɗin ɗinkin da yatsa ka duba ko akwai ɗigon kashin kuɗin cizo, don cikin ɗinki suke ɓuya.

Wanda ka saya kuma kada ya shiga akwati ko ya hau gado daga kasuwa. Ka bar shi a ledarsa har ka jiƙa shi. Idan yadin zai jure, ruwan zafi ya fi, sannan shanya a rana ciki waje, sannan guga, ka danna dutsen sosai a kan ɗinki. Galibin masu gwanjo ba sa karɓar kayan da aka mayar, don haka ka gama dubawarka tun kuɗin na aljihunka, ko da mai kaya yana cewa ka yi sauri.