Alamar $ ba ta faɗin ƙasa: matakai shida na gane kuɗin da ake nufi

A ce kai ɗan kasuwar waya ne a Kano, sai wani dillali a Hong Kong ya turo maka farashi: waya ɗaya $780, guda 50 kuma $39,000. Bai ƙara ko harafi ba. Idan dalar Amurka yake nufi, kayan sun yi tsada. Idan kuma dalar garinsu ce, jimillar ba ta wuce dalar Amurka 5,000 ba, domin tun 1983 ake ɗaure da dalar Hong Kong a kan kusan 7.8 ga dalar Amurka ɗaya. Tsakanin fahimtar biyu akwai dalar Amurka 34,000.

Alamar $ ba ta Amurka kaɗai ba ce. Kanada, Ostareliya, Singafo, Laberiya da Namibiya duk dala suke kiran kuɗinsu, su kuwa Meziko da Ajantina da Cile peso suke kashewa, amma da alamar nan suke rubuta shi. Ga yadda za ka bi, ko ciniki kake yi ko fassarar labari.

Mataki na 1: Nemi harafin da ke manne da alamar

Karanta takardar daga sama har ƙasa kafin ka taɓa lissafi. Sau da yawa marubuci yakan fayyace kuɗin sau ɗaya a farko ko a ƙananan rubutun ƙasa, sannan ya ci gaba da alamar zalla. Abin da kake nema shi ne US$, HK$, C$, A$ ko S$, ko kuma haruffa ukun da bankuna ke aiki da su a tsarin ISO 4217: USD, HKD, CAD, AUD, SGD. Haruffa biyun farko na ƙasa ne, na uku na kuɗin. In ka same su, magana ta ƙare.

Mataki na 2: Tambayi kanka, wa ya rubuta, kuma don wa?

Kowa kuɗin gidansu yake rubutawa ba tare da bayani ba, kamar yadda mai shago a Sabon Gari ba ya cewa "nairar Najeriya". Jaridar Toronto in ta rubuta $ tana magana da mutanen Kanada, dalar Kanada take nufi. Rasit ɗin kanti a birnin Meziko peso ne.

Sai dai wurin da aka rubuta takarda bai isa hujja shi kaɗai ba. Masu fitar da kaya waje sun saba yi wa baƙo farashi da dalar Amurka ko daga ina suke. A nan ne saƙon dillalinmu ya rikice: daga Hong Kong ya fito, amma baƙo aka aiko wa. Wataƙila farashin da yake ba 'yan gari ya kwafo maka, wataƙila kuma ya riga ya juya shi.

Mataki na 3: Auna adadin da farashin da ka sani

Wannan ne matakin da ya fi saurin fid da jaki daga duma. In wayar nan ƙaramar waya ce da ka saba sarowa kusa da dalar Amurka 100, to $780 ba za ta zama ta Amurka ba. Raba 780 da 7.8, ka ga 100 cif. Lissafi ya zauna, zaton dalar Hong Kong ya yi ƙarfi.

Amma awon yana da iyaka. Yana aiki ne idan tazarar kuɗaɗen biyu mai faɗi ce, kamar ta dalar Hong Kong ko peso. Dalar Kanada da ta Singafo da ta Ostareliya ba su yi wa ta Amurka nisa haka ba, don haka $780 za ta iya shiga hankali da kowacce. Kuma in babbar waya ce mai tsada, ko a misalinmu ma awon ba zai raba gardama ba.

Mataki na 4: Duba sauran alamun da ke jikin takardar

Asusun bankin da aka ce ka tura kuɗi yakan nuna irin kuɗin da yake karɓa. Sunan haraji ma yana tona asiri: HST na Kanada ne, IVA na ƙasashe irin su Meziko da Ajantina. A Meziko sukan ƙara M.N. bayan adadi, wato kuɗin ƙasa. Kula da ɗigo da waƙafi: a Ajantina $1.500 na nufin dubu ɗaya da ɗari biyar.

Duba shekara kuma. Alamar £ a tsohuwar takardar gida ko gona ta Najeriya kafin 1973 fam ɗin Najeriya ce, wanda aka canza a kan naira biyu, ba fam ɗin Ingila na yau ba.

Mataki na 5: Tambaya a rubuce

Duk abin da ya gabata zato ne mai ƙarfi, kuma ba a tura kuɗi a kan zato. Kada ka ce "dala ce?", domin zai ce e, kuma bai yi ƙarya ba. Ba shi zaɓi da haruffa uku:

```
39,000 HKD / 39,000 USD ?
```

Ka nemi ya sake turo takardar farashin da haruffan a jikin jimilla. Ita za ka kai wa ɗan canji ko banki, ita ce kuma shaidarka in an sami saɓani.

Mataki na 6: Rubuta abin da ka tabbatar kawai

In ka tabbatar, kira kuɗin da cikakken sunansa a karon farko: "dalar Hong Kong 39,000, kimanin dalar Amurka 5,000". In za ka juya zuwa naira ko sefa, faɗi farashin canjin da ranar da ka ɗauke shi. In kuwa fassara kake yi kuma ba wanda za ka tambaya, bar alamar yadda ka same ta, ka sanar da editanka. Ƙara "ta Amurka" daga kanka ƙirƙirar labari ne.

Kalmar "dala" zalla ma tana da nata tarko a Hausa. A kasuwannin Nijar dala ɗaya sefa biyar ce, don haka mai sauraro a Maraɗi in ya ji "dala ɗari" zai iya ɗaukar sefa 500. Sunan ƙasa shi ke hana wannan.

Sauran alamomin da ake tarayya a kansu

Matakan nan su ne dai za ka bi da ¥, wadda Caina da Japan suke rabawa. A nan awo yana aiki sosai, domin yuwan ɗaya ya kai yen wajen 20 a 'yan shekarun nan, kuma farashin yen a kanti ba ya zuwa da ɗigo, na yuwan kuwa yakan zo kamar ¥12.50. Haruffansu CNY da JPY.

FCFA kuma iri biyu ce: XOF ta Nijar da maƙwabtanta na yamma, XAF ta Kamaru da Cadi. Darajarsu ɗaya, 655.957 ga yuro ɗaya, don haka lissafinka ba zai ɓaci ba. Amma bankunan da ke buga su daban ne, kuma takardar kuɗin Yamai ba ita ce halattaccen kuɗi a Garwa ba. Kafin ka ɗaura ɗamarar tafiya, tambayi wacce za a karɓa.