Gyaran Kan Murhun Gas Idan Ramukansa Sun Toshe

Gidaje da dama a Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi sun koma girki da gas. Lafiyayyar wutar gas shuɗiya ce, tana fitowa daidai ta kowane rami. Idan ta koma rawaya, tana baƙanta gindin tukunya, ko gefe ɗaya ya ƙi kamawa, galibi maiƙo ne ko miyar da ta zube suka toshe ramukan.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Gas ɗin da bai ƙone sosai ba yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ga kuma asarar kuɗi.

Da farko a rufe tukunyar gas, a jira murhu ya huce. A cire kan murhun a jiƙa shi cikin ruwan zafi da omo na minti 20, sannan a goge da tsohon buroshin haƙori. A bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da allura. Kada a sa tsinken sakace, domin yakan karye a ciki. Ƙaramar ƙofar da gas ke fitowa daga ƙasa kuwa, kada a soka mata komai. Idan ta faɗaɗa, gas zai yi wa iska yawa.

A ɗauraye, a shanya a rana ya bushe sarai, a mayar da shi ya zauna daram. Idan har yanzu wutar rawaya ce, ko ana jin warin gas, a rufe tukunya, a buɗe tagogi, a kira mai gyara.