Haya ko Saye: Yadda Ake Auna Kuɗin Motar Kai Kaya Bayan Haraji

Kamfanin da ke sarin kayan masarufi a Kasuwar Singa ta Kano yana rarraba wa shaguna a Wudil da Bichi ba zai yi aiki ba sai da mota. Hanyoyin samunta biyu ne. Ko dai ya biya kuɗinta gaba ɗaya ta zama tasa, ko kuma ya ƙulla yarjejeniyar haya ta wasu shekaru da kamfanin ba da haya, ya riƙa biyan kuɗin da aka yanka, idan wa'adi ya cika ya mayar da mota ga mai ita. A Najeriya akwai dokar hayar kayan aiki ta 2015 da ke tsara irin wannan ciniki, kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz, suna yin makamancinsa da sunan ijara. Aikinmu a wannan darasi shi ne mu gano wace hanya ce ta fi sauƙi a aljihu.

Za mu yi aiki da misali guda, wanda na tsara alƙalumansa don koyarwa. Farashin mota naira miliyan 20 ne, kuma za a yi amfani da ita shekara huɗu. Idan an saye ta, gyara da sabis za su ci miliyan 1 a kowace shekara, kuma ana sa ran sayar da ita miliyan 8 a ƙarshen shekara ta huɗu. Idan haya aka ɗauka, za a biya miliyan 7 a farkon kowace shekara, gyara kuma yana wuyan mai mota. Man fetur da albashin direba ba su shiga lissafi ba, domin daidai suke ko wace hanya aka bi, kuma abin da ba ya bambanta hanyoyin biyu ba ya taimaka wajen zaɓe.

Mai gaggawa zai ce haya miliyan 28 ce, saye kuwa 20 a tara da 4 a cire 8, wato miliyan 16, don haka saye ya fi sauƙi da miliyan 12. Wannan lissafi ya manta da abu biyu, lokaci da haraji.

Mu fara da lokaci. Naira ɗaya ta yau ta fi naira ɗaya ta baɗi daraja, domin ta yau ana iya juya ta, ko a rage bashi da ita a huta da kuɗin ruwansa. Manomin da aka yi wa tayin buhun iri a farkon damina ko buhu iri ɗaya bayan girbi ya san ba ɗaya ba ne. Saboda haka kafin a tara kuɗin shekaru daban-daban, sai an mayar da kowane zuwa darajarsa ta yau. Ana yin haka da wannan ƙa'ida:

```
PV = C / (1 + r)^n
```

A nan PV ita ce darajar yau, C kuɗin da za a biya ko a karɓa, n yawan shekarun da za a jira, r kuma kason ragi, wato abin da jiran shekara guda yake ci. Idan r kashi 21 cikin ɗari ne, naira 121 da za a biya baɗi daidai take da naira 100 ta yau.

Sai haraji. Kamfani yana biyan haraji ne a kan riba, wato abin da ya rage bayan an cire kuɗaɗen da doka ta amince an kashe su don kasuwanci. Manyan kamfanoni a Najeriya suna biyan kashi 30 cikin ɗari, kuma da shi za mu yi aiki. Ma'anar wannan ita ce duk naira 100 da aka kashe a gyara ko haya tana rage haraji da naira 30, sai ainihin nauyinta ya koma naira 70. Kuɗin sayen mota kuwa ba a cire shi daga riba a shekara guda. Doka tana ba da rangwamen jari, wato a riƙa cire wani yanki na farashin a kowace shekara. Za mu ɗauka cewa ana cire kashi 25 na farashin duk shekara, miliyan 5 ke nan har sau huɗu. A aikin gaske jadawalin da dokar haraji ta shekarar ta tanada shi ake bi, ko da akantan kamfani yana rage darajar motar ta wata hanya a littafinsa.

Daga ina kason ragi zai fito? Wannan ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Yarjejeniyar haya alƙawari ne na biyan kuɗi tsayayye a ranakun da aka sa, kamar dai bashin banki. Wanda ya ɗauki haya ya kauce wa cin bashin sayen mota ne, don haka ma'aunin da ya dace shi ne tsadar wannan bashin. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kason ruwansa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma sukan ɗora nasu a kai, don haka mu ɗauki kashi 30. Amma kuɗin ruwa ma ana cire shi daga riba kafin haraji, sai tsadarsa ta gaskiya ta zama 30 sau 0.7, wato kashi 21. Wanda ba ya mu'amala da ruwa zai sa kason ribar da banki ke ɗorawa a cinikin murabaha, lissafin bai canza ba.

Da kashi 21, naira ɗaya ta ƙarshen shekarar farko darajarta a yau 0.8264 ce, ta shekara ta biyu 0.6830, ta uku 0.5645, ta huɗu 0.4665. Jimillarsu 2.5404, kuma da wannan jimilla ake ninka duk kuɗin da ke maimaituwa a ƙarshen kowace shekara.

Yanzu mu auna saye. Miliyan 20 ana biyanta yau, ba ta da ragi. Rangwamen jari na miliyan 5 yana rage haraji da miliyan 1.5 duk shekara, idan aka ninka da 2.5404 sai a sami miliyan 3.811, wadda za a cire. Gyara bayan haraji naira dubu 700 ne a shekara, darajarsa ta yau miliyan 1.778, wadda za a ƙara. Saura kuɗin sayar da mota. Tun da an riga an cire farashinta duka daga riba, a idon hukumar haraji darajarta ta ƙare, don haka miliyan 8 da aka samu za a mayar da ita cikin abin da ake yanka wa haraji. Abin da zai rage a hannu miliyan 5.6 ne, kuma sai bayan shekara huɗu, don haka a yau miliyan 2.612 ce. Jimillar tsadar saye ita ce 20, a cire 3.811, a ƙara 1.778, a cire 2.612, wato naira miliyan 15.355.

Haya tana da wata dabara da ya kamata a lura da ita. Biyan farko yau ake yin sa, ma'auninsa 1 ne cur, sauran ukun kuma su ɗauki 0.8264 da 0.6830 da 0.5645. Jimilla 3.0739, sau miliyan 7, ta ba da miliyan 21.517. Sauƙin harajin kuwa, miliyan 2.1 a shekara, ba ya zuwa sai shekara ta ƙare an rufe littafi, don haka da 2.5404 za a ninka shi, a sami miliyan 5.335. Tsadar haya ta zama naira miliyan 16.182.

Saye ya ci gaba da rinjaye, amma ratar da ta fara a miliyan 12 ta dawo kimanin naira dubu 827. Dalili a fili yake: mai saye yana fitar da kuɗinsa duka a ranar da naira ta fi tsada, ya jira shekara huɗu kafin ya ga kuɗin tsohuwar mota, a lokacin da kowace naira ba ta kai rabin darajarta ba. A ganina rata ƙarama irin wannan ba ta isa a yanke hukunci a kanta ba sai an gwada ƙarfinta, kuma gwaji biyu ne suka fi amfani.

Na farko shi ne farashin sayarwa, domin shi ne adadin da ya fi zama hasashe. Kowace naira da aka samu daga tsohuwar mota, bayan haraji da ragi, darajarta a yau 0.7 sau 0.4665 ce, wato 0.3266. Idan aka raba 827,000 da wannan, za a ga cewa farashin na iya faɗuwa da kimanin miliyan 2.5 kafin hanyoyin biyu su yi kunnen doki. Ke nan in har motar ba za ta yi kusan miliyan biyar da rabi a kasuwa ba, haya ta fi. Tambayar ta koma wadda dillalin mota da makanike za su iya amsawa: nawa motar da ta sha lodi shekara huɗu a kan hanyoyin ƙauye za ta yi? Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 tsofaffin motoci sun yi tsada ƙwarai, kuma irin wannan tashi mai mota ne yake cin moriyarsa, ɗan haya ba ya samun komai a ciki.

Gwaji na biyu shi ne ranar biya. Da a ce za a biya miliyan 7 ɗin a ƙarshen kowace shekara, nauyinta bayan haraji miliyan 4.9 ne, sau 2.5404, wato miliyan 12.448. Kuɗin hayar bai canza ba ko da kwabo, amma haya ta koma ta fi saye sauƙi da kusan miliyan 3. Saboda haka ne nake ƙarfafa a karanta layin da ya faɗi ranar biya kafin a kalli adadin. Mai amfani da Excel ma ya kula, domin umarnin NPV yana ɗaukar adadin farko a matsayin na ƙarshen shekarar farko. Kuɗin da aka biya yau a wajen umarnin ake ajiye shi:

```
=B1+NPV(0.21,B2:B5)
```

Kuskuren da ya fi yawa bayan wannan shi ne ƙidaya kuɗin ruwa sau biyu. Ɗalibi zai rubuta miliyan 20, ya ƙara ruwan bashin da za a ci don sayen motar, sannan ya yi ragi da kashi 21. Ragin da kansa shi ne tsadar bashin. Ana iya tabbatarwa: idan aka jera duk abin da za a biya banki bayan sauƙin haraji, aka yi masa ragi da kashi 21, amsar miliyan 20 za ta dawo daidai. In amsarka ta wuce haka, akwai abin da ka maimaita.

Dukan lissafin nan ya dogara ne a kan cewa kamfanin yana da ribar da ake yanka wa haraji. Ƙaramin kamfani da doka ta yafe wa harajin riba ba shi da sauƙin da zai cire, sai ya yi ragi da kashi 30 cikakke, kuma a misalinmu saye zai kama miliyan 19.365, haya miliyan 19.713. Nau'in yarjejeniyar ma yana da tasiri. Abin da muka auna haya ce zalla, wadda mota ke komawa hannun mai ita. Idan haya ce ta mallaka, wadda ɗan haya yake ɗaukar nauyin motar kusan tsawon rayuwarta, tsarin haraji yana kallonsa a matsayin mai saye da bashi: shi zai karɓi rangwamen jari, kuma ɓangaren ruwa kaɗai na kuɗin hayar zai cire daga riba. A wannan hali miliyan 2.1 da muka sa a matsayin sauƙin haraji ba ta aiki, dole a raba kowane biya gida biyu, uwar kuɗi da ruwa, a sake lissafin ɓangaren haya daga farko.