Lambar Gwajin Suga da Ma'auninta: Jan Kunne ga Masu Karanta wa Iyaye Sakamako

Kowace shekara, ranar 14 ga Nuwamba, ma'aikatan lafiya na kiran jama'a a gwada ciwon suga. Dattawa suna zuwa, a Asibitin Sir Yahaya na Birnin Kebbi ko Babban Asibitin Argungu. Ɓarnar kuwa sai an dawo gida take aukuwa, lokacin da sakamako ya iso da Turanci aka miƙa wa ɗan boko ya fassara.

Ga misali. Wani manomin shinkafa a fadamar Argungu yana fama da ƙishirwa, da yawan fitsarin dare, ga gyambo a ƙafa ya ƙi warkewa. Saƙo ya shigo wayar ɗansa: FBS 11.2 mmol/L. Yaron ya tuna na'urar maƙwabcinsu ta nuna 100 aka ce lafiya lau, sai ya ce: "Baba, naku sha ɗaya ne kacal, babu komai."

Wannan ganganci ne! Idan mutum ya ce maka ya samu shinkafa sha ɗaya bana, ai sai ka tambaye shi: mudu ko buhu? Mai mudu sha ɗaya abin a yi wa jaje ne, mai buhu sha ɗaya kuwa ya ci, ya sayar, ya fitar da zakka idan ta kai, har ya ajiye iri. Lamba ɗaya ce, ma'auni ne ya raba su. Haka sugan jini yake da ma'auni biyu. Na'urar maƙwabci tana aunawa da mg/dL, wannan saƙo kuma da mmol/L ya zo. Don a mayar da shi mg/dL, a ninka 11.2 sau 18, za a samu wajen 202. Ashe sugan dattijon ya ninka na maƙwabcin.

Haruffan FBS suna nufin an ɗebi jinin ne kafin karin kumallo, bayan aƙalla awa 8 ba abinci. A irin wannan gwaji, mai lafiya yakan tsaya tsakanin 4 da 5.5 mmol/L. Daga 7 zuwa sama, wato 126 a ɗaya ma'aunin, alamar ciwon suga ce, kodayake likita kan sa a maimaita. Idan Baba ya sha koko kafin a ɗebi jinin, a gaya wa likita.

Abin da ya dace ɗan ya faɗa shi ne: "Baba, an ga suga ya yi yawa a jininku. Mai yiwuwa shi ke kawo ƙishirwar, shi ke hana ƙafar warkewa. Ana shawo kansa da magani da gyaran abinci. Gobe in sha Allahu mu koma wurin likita."

Kai da aka sa a makaranta, fassara amana ce, kuma za a tambaye ka ita gobe kiyama. Kada ka rage don kunya, kada ka ƙara, kada ka ruga kyamis ka sayo ƙwayar da maƙwabci ke sha. Idan kuwa amai ya zo, ko magagi, ko numfashi sama-sama, kada a jira gari ya waye: a kai shi asibiti nan take, a tafi da saƙon.